Kafin ka sayi manhajar lissafin ciniki, tambayi ƙarfe nawa ranarta ke ƙarewa

Idan shagonka ana rufe shi da magariba, kowace manhaja ka saya rahotonta na kullum zai zo daidai. Maganar ta masu kai wa tsakar dare ce: gidan abinci a Kwangila, kemis a Samaru, gidan mai a kan hanyar Kano, da telolin Tudun Wada a goman ƙarshe na azumi. Su ne rahoto ke ɗauke wa cinikin wata rana ya kai wata.

Agogon Najeriya yana gaba da agogon duniya, wanda ake rubutawa `UTC`, da awa ɗaya, kuma ba ya canzawa rani da damina. Manhajoji da yawa da agogon duniya suke ajiye lokacin ciniki, wannan kuma ba laifi ba ne. Ana samun matsala ne idan da shi suke yanke rana, domin sha biyun darensu ƙarfe ɗayan dare ne a Zariya. Duk abin da aka sayar daga 12:00 zuwa 12:59 na dare sai ya faɗa jiya.

Mu ɗauka gidan abinci ne a Kwangila, inda ake ƙirga aljihun tebur da sha biyun dare daidai. Cinikin Alhamis naira 310,000 ne, a ciki har da 12,000 da aka samu a awar farko bayan sha biyun daren Laraba. Bayan an rufe lissafin Alhamis sai motocin dare suka tsaya, aka yi cinikin 47,000 kafin ƙarfe ɗaya. Manhajar za ta cire 12,000 ta kai Laraba, ta jawo 47,000 na Juma'a ta zuba a Alhamis, rahoto ya nuna 345,000. Da safe maigida ya riƙe takarda yana tambayar yaron da ke kan kuɗi, "Kai, ina dubu talatin da biyar?" Yaro yana rantsuwa, alhali ko sisi bai ɓata ba, kuɗin suna cikin aljihun Juma'a. Alamar da ake gane wannan cutar ita ce giɓin yana hawa yana sauka: yau kuɗin hannu sun gaza, gobe sun yi rara, amma idan ka haɗa mako guda bambancin ya kusa ɓacewa. Sata ba ta mayar da kuɗi washegari.

Akwai a kasuwa manhajar da ba ta da wurin zaɓen yankin lokaci sam. Mai cinikin dare kada ya karɓe ta ko kyauta ce, sai dai in tana fitar da fayil mai ɗauke da cikakken lokacin kowane ciniki, wanda za a iya gyarawa da hannu.

Akwai kuma mai bin agogon na'urar da aka buɗe rahoton da ita. Ita ce ta fi ruɗi, don a shago komai daidai yake. Amma idan maigida ya tafi Umara ya duba daga Makka, inda agogo ke gaba da namu da awa biyu, ranarsa za ta yanke da ƙarfe goman daren Zariya, shi da manajansa su riƙa musu a waya kowa da nasa adadin. Haka in wani ya taɓa agogon kwamfutar shago.

Wadda ta cancanci kuɗinka ita ce mai ajiye lokaci da agogon duniya, ta kuma bar ka ka saita yankin shagon sau ɗaya, kowa ya ga rahoto iri ɗaya ko daga ina ya buɗe. Nan ma sai an kula da abin da aka zaɓa. Sunan da ake nema shi ne `Africa/Lagos`, a kwamfuta mai Windows kuwa `(UTC+01:00) West Central Africa`. Masu saka manhaja wani lokaci sukan bar ta a kan Landan, su gwada maka a watan Yuli ka ga lokaci ya yi daidai. Ya yi daidai ne saboda daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa Lahadin ƙarshen Oktoba agogon Birtaniya da namu ɗaya ne. Da zarar sun mayar da nasu baya a ƙarshen Oktoba, rahotonka ya fara kauce wa aljihun tebur, ba tare da kowa ya taɓa komai a shago ba. Wanda ya zaɓi Faris don ya ga `+01:00` a gefenta, shi kuma daga ƙarshen Maris tasa za ta fara, ranarsa ta riƙa yankewa da sha ɗayan dare.

In kana rufewa da biyu ko ukun dare, ƙara kuɗi ka sayi wadda ke ba da damar saita lokacin rufe ranar kasuwanci, misali ƙarfe huɗun asuba. Mai tsire da ya hura wuta da la'asar ya tashi ƙarfe biyu, a wurinsa yini ɗaya ne, kuma naman da ya yanka na yini ɗaya ne, don haka raba shi a rahoto biyu ɓata lissafin riba ne. Sai dai ka sani takardar banki ba za ta bi asubarka ba. In za ka daidaita da ita, bi kuɗin da suka shigo ɗaya bayan ɗaya da lambar shaidarsu, kada ka gwada jimillar rana da jimillar rana.

Gwajin da ya fi duk bayanin dillali sauƙi ne da shi. Ka nemi a bar maka manhajar kwana ɗaya, ka shigar da cinikin naira 100 da 11:50 na dare, na naira 200 da 12:10, na naira 400 da 1:10. An zaɓi adadin ne yadda jimilla kaɗai za ta tona asiri. Idan ranar farko ta nuna 100, yankan daidai yake. Idan 300 ta nuna, da agogon duniya take yanka. Idan ba ta nuna komai ba, duka 700 sun tafi washegari, an ƙara awar sau biyu ke nan, ko an zaɓi yankin da ke gabanmu. Wata rana kuma ka kashe data kafin sha biyu, ka yi ciniki, ka kunna bayan sha biyu, ka ga ko lokacin sayarwa take rubutawa ko lokacin da saƙo ya isa. Yadda sabis ke ɗaukewa, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce.

Wanda ya riga ya saya bai yi asara duka ba. Buɗe fayil ɗin cinikin da manhajar ke fitarwa ka dubi lokacin. Idan ka ga `2024-11-14T23:20:00Z`, harafin `Z` na nufin agogon duniya, wato 12:20 na dare a Zariya, ranar Juma'a 15 ga Nuwamba ta riga ta shiga. A Excel, in lokacin yana gidan `A2`, wannan zai ba ka ranar gaskiya, sai ka mayar da gidan da ka rubuta shi zuwa tsarin kwanan wata:

```
=INT(VALUE(SUBSTITUTE(LEFT(A2,19),"T"," "))+1/24)
```

Mai rufewa da huɗun asuba ya sa `-3/24` a madadin `+1/24`, wato an ƙara awa ɗaya an cire huɗu. Idan kuwa lokacin ya ƙare da `+01:00`, an riga an mayar da shi agogonmu, kada ka ƙara komai, in ba haka ba cinikin sha ɗayan dare ne zai tsallaka gobe.