Kashi 2 ko kashi 20: yadda azelayik da salisilik suka yi wa fuskata mai maiƙo

Magunguna uku na yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya a kan fuskata: ruwan salisilik asid mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari, kirim na azelayik asid mai kashi 10, sai jel na azelayik mai kashi 15 da likitan fata ya rubuta mini. Fatata mai maiƙo ce sosai, irin wadda goshi da hanci ke sheƙi tun kafin rana ta yi tsaka. Matsalata kuma kashi biyu ce. Akwai ƙananan kuraje marasa zafi da baƙaƙen ɗigo a hanci da goshi, akwai kuma manyan kuraje masu kumburi a haɓa, waɗanda duk wanda ya warke sai ya bar baƙin tabo na watanni. Abin da na gano shi ne, lambar da ke jikin kwalba ba ita ce ke nuna abin da zai yi maka aiki ba, kuma yawan maiƙo ba dalili ba ne na neman mafi ƙarfi.

Lambobin nan suna ruɗa mutane, don haka bari in fara da su. Salisilik da ake sayarwa don kurajen fuska ƙarfinsa daga kashi 0.5 ne zuwa kashi 2. Ke nan kashi 2 shi ne ƙololuwa. Azelayik kuwa kashi 10 shi ne na kayan kwalliya, na magani kuma kashi 15 ne a jel, kashi 20 a kirim, waɗanda a ƙasashe da dama sai da takardar likita ake samu. Wanda ya ajiye kwalaben biyu kusa da juna zai ɗauka salisilik ɗin ne mai sauƙi, alhali shi ne ya kai iyakarsa, azelayik mai kashi 10 ɗin kuma yana matakin ƙasa. Akwai salisilik mai kashi 17, har mai kashi 40, amma wannan na cinye kantar ƙafa ne da makamantanta. Kada ya kusanci fuska, ƙona ta zai yi.

Salisilik ya burge ni a inda ya dace. Sinadari ne da ke narkewa cikin mai, shi ya sa yake iya kutsawa cikin ƙofar gashi da maiƙo da matacciyar fata suka toshe, ya sassauta abin da ya daskare a ciki. Ina shafa shi da dare a hanci da goshi, rana ɗaya in yi, rana ɗaya in huta. Cikin 'yan makonni baƙaƙen ɗigon hancin suka ragu, goshin da nake ji da ƙurzunu in na shafa hannu ya yi laushi. A wannan aikin ban ga wanda ya kamo shi ba a cikin ukun.

A kan manyan kurajen haɓa ne ya gaza. An rubuta a jikinsa cewa a ɗiga a kan ƙurji, na kuwa ɗiga. Saman ƙurjin ya bushe ya yi ɓawo, amma kumburin da ke can ƙasa yana nan, zafin ma yana nan. Dalili a fili yake: irin wannan ƙurjin ya riga ya wuce toshewa kawai, ƙwayoyin cuta sun yawaita a ciki, jiki ya tura musu kumburi. Busar da samansa ba ya kai wa ga tushen. Abin da ya fi damuna shi ne, fatar da ke kewaye da ƙurjin ita ma tana shan maganin, kuma a fata mai duhu duk wani ƙarin fushi na iya ƙara wa tabo duhu. Don haka a wurina ɗiga salisilik yana da amfani ne ga ƙaramin ƙurji mai farin baki da ke sama-sama. Na can ciki, mai tauri kamar tsakuwa, ba hurumin salisilik ba ne.

Tabon ne ya kai ni ga azelayik. Shi aikinsa uku ne a lokaci guda. Yana rage ƙwayoyin cutar da ke hura wutar kuraje, yana kwantar da kumburi, sannan yana taka wa sinadarin da fata ke amfani da shi wajen ƙera launi birki a wuraren da yake aiki fiye da kima. Wannan na ƙarshen shi ne ke sa tabo ya riƙa dusashewa. Ba man bilicin ba ne, ban kuwa ga launin sauran fuskata ya canza ba, tabon ne kawai ya riƙa komawa daidai da maƙwabtansa.

Sai dai ga abin da nake so kowa ya ji: azelayik ba maganin ɗigawa ba ne, ko da an sayar da shi da wannan suna. Ƙurjin da ka gani yau ya ɗauki makonni yana haɗuwa a ƙarƙashin fata, kuma azelayik a hankali yake aiki. In ka bi kuraje ɗaya-ɗaya kana ɗiga musu, kullum a baya kake, domin waɗanda za su fito nan gaba ba su sami komai ba. Ana shafa shi ne siriri a duk yankin da kurajen suka saba fitowa. Takardar da ke cikin kwalin na magani ta ce tsawon santimita 2.5 daga bututun, wato kusan rabin giram, ya ishi fuska gaba ɗaya, safe da dare. Ana fara ganin sauƙi wajen mako huɗu, amma hukunci na gaskiya sai an kai mako goma sha biyu. Tabo ya fi haka jan lokaci.

Mai kashi 10 ɗin da na fara da shi bai yi mini raɗaɗi ba ko kaɗan, kuma jan kurajen ya ragu. Aibinsa a fata mai maiƙo shi ne kaurinsa. An haɗa shi da silikon, yana ba fuska santsi yana kashe sheƙi na ɗan lokaci, amma da na ɗora man kariya daga rana a kai sai ya murmushe ya zama ƙananan dunƙule. Dole na mayar da shi na dare kawai. Bayan watanni tabon ya ɗan yi haske, sababbin kuraje kuma ba su daina zuwa ba. Ga mai ƙananan kuraje nan da can da ɗan tabo, ina ganin kashi 10 ya wadatar. Ni dai bai ishe ni ba. A kuma duba jerin kayan haɗin da ke bayan kwalba, domin wasu sukan rubuta azelayik da manyan baƙi a gaba, alhali abin da ke ciki ɗan uwansa ne mai suna `Potassium Azeloyl Diglycinate`, kuma kashinsa ba ɗaya yake da kashin asalin sinadarin ba.

Da na je wurin likita, da niyyar neman kashi 20 na je. Shi kuwa jel mai kashi 15 ya zaɓa, kuma bayaninsa ya gamsar da ni. Azelayik sinadari ne mai wuyar narkewa, don haka yadda aka haɗa shi yana da tasiri a kan yawan abin da ke shiga fata. Jel ɗin yana sakin maganin cikin fata da kyau, ta yadda ƙarancin lambarsa ba ya nufin ƙarancin aikinsa. Ga shi kuma ba shi da nauyi, ba ya ƙara mai a kan mai. Kirim mai kashi 20 magani ne mai kyau, amma ya fi dacewa da wanda fatarsa ke bushewa.

Jel ɗin ya ciji fata, ba zan ɓoye ba. A makonnin farko, 'yan mintuna bayan shafawa sai ƙaiƙayi da tsikari su taso, musamman a gefen hanci, su ɗauki kamar kwata na awa sannan su lafa. Abu biyu suka rage shi. Na farko, in bar fuska ta bushe sarai bayan wankewa kafin in shafa, domin a jiƙaƙƙiyar fata ya fi zogi. Na biyu, na fara da sau ɗaya a rana har fatar ta saba, sannan na koma sau biyu. A hankali ƙaiƙayin ya tafi. Zuwa wata na uku kurajen haɓa sun ragu ƙwarai, wanda ya fito ma ba ya girma kamar da, kuma tabon da yake bari bai kai na baya duhu ba.

Yana da kyau mutum ya iya bambanta cizon da ba komai da alamar an yi wa fata yawa, domin mai maiƙo ya fi kowa saurin ruɗuwa a nan. Tsikarin da ke zuwa bayan shafawa ya wuce da kansa ba matsala ba ne. Amma in fuska tana sheƙi kuma tana ɗaurewa in ka yi murmushi, gefen baki da hanci suna saɓa, ruwa zalla ko man shafawar da ka saba yana yi maka raɗaɗi, to katangar fatar ce ta raunana. Maiƙo ba ya kare fata daga wannan. Glandar da ke fitar da mai tana can ƙasa, sinadaran jiki da ake kira homon ne ke juya ta, asid ɗin da aka shafa a sama ba zai kashe ta ba komai ƙarfinsa. In hakan ta faru, sai a ajiye duka magungunan, a koma sabulu mai laushi da man shafawa mara nauyi har raɗaɗin ya ɗauke, sannan a dawo da guda ɗaya. In kuwa kumburin fuska ne, ko borin jini, ko fararen tabo suka fara bayyana, ko mai asma ya ji numfashinsa ya canza, wannan na likita ne ba na jira ba.

Yanzu ga yadda na tsaya. Da safe jel na azelayik, man shafawa mara nauyi, sai man kariya daga rana, wanda in babu shi rana za ta sake baƙanta tabon da ake wahalar gogewa. Da dare azelayik kuma, sai dare biyu ko uku a mako in musanya shi da salisilik a hanci da goshi kaɗai. Ba na haɗa su a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda kashi 2 ɗin da ake bari a fuska ya yi masa zafi, ya gwada na wankewa, wanda ake bari minti ɗaya ko biyu a ɗauraye, ko ya sauko zuwa kashi 0.5 ko 1. Mai rashin jituwa da asfirin ya nisanci salisilik sai ya tambayi likita, domin dangi ne. Mai juna biyu ita ma ta tambaya, ko da yake azelayik yana cikin waɗanda likitoci suka fi amincewa da su a wannan hali.

Da za a ce in zaɓi ɗaya, jel mai kashi 15 zan riƙe, saboda tabo ya fi baƙin ɗigo ci mini rai. Wanda damuwarsa toshewar hanci da goshi ce kawai, salisilik mai kashi 2 ya ishe shi, ba ya buƙatar takardar likita. Wanda kuma kurajensa manya ne masu zurfi, suna barin rami a fuska, duka ukun nan ba za su riƙe shi ba, gara ya ga likitan fata tun ramukan ba su yi yawa ba, domin su ba sa gogewa da abin shafawa.