Draya, kujerar kitso ko wajen lalle: duba takardar riba kafin ki kashe kuɗin

Idan kin ɗebi adashi ko kin tara ɗan wani abu kina son ƙara wa saloon ɗinki kaya, yawanci abin da ke fara zuwa rai shi ne sabuwar draya ko stima, don su ne ake gani an shigo shago. Ni dai ina roƙonki ki dakata tukuna, ki ɗauko littafin ciniki na wata guda ki raba shi gida-gida, kowane aiki da layinsa: kuɗin da ya shigo, kuɗin da shi kansa aikin ya ci, sai abin da ya rage. Haya da kuɗin wuta da albashin mai shara kada ki cusa su a nan, su nasu layin yana can ƙasa, don ko an yi ciniki ko ba a yi ba sai an biya su.

Bari in kafa misali da lissafin wata ɗaya, ke sai ki sa naki alƙaluman.

Wankin kai da busarwa, mutum 50 a kan 4,000, ya kawo 200,000, shi ne ya fi kowa a saman takarda. To amma shamfu da kandishana da man gashi sun ci 60,000, fetur ɗin janareto 45,000, mai ruwa 10,000, yarinyar da ke wankin ta karɓi 35,000. Abin da ya rage 50,000 ne kacal, wato 1,000 a kowane kai. Fetur ɗin nan shi ne mutane ke mantawa, suna jefa shi cikin kuɗin shago gaba ɗaya alhali draya ce take sa a tada inji da rana tsaka, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan layin ya daina zama ƙaramin abu.

Kitso, kai 60 a kan 3,000, ya kawo 180,000. Mai kitso ta ɗauki rabi, 90,000, man kitso da su jel 10,000, ya rage 80,000. Ya fi wanki, amma ki duba lokaci, in kowane kai yana cin awa 2 to awa 120 kenan, ribar awa ɗaya ba ta kai 700 ba.

Lalle kuwa, mutum 30 a kan 5,000, 150,000 ne, shi ne ƙarami a saman takarda. Kayan haɗi 15,000, mai zane 60,000, ya rage 75,000, kuma in awa ɗaya da rabi ne kowace mace, awa 45 ne duka, ribar awa ta haura 1,600. Aikin da ya fi kowa ƙarancin ciniki ya kusa kamo kitso a riba, ba inji ba ruwa mai yawa.

Jimillar abin da ya rage 205,000, a cire haya da sauransu, mu ce 95,000, ribarki ta gaskiya 110,000. Hayar shekara ki raba ta gida 12 ko da kin biya a dunƙule, kuma wadda aka yi wa aiki ta ce za ta turo ba ta turo ba, ki ware sunanta gefe kada bashi ya yi miki kama da riba.

Yanzu zaɓi. In drayar za ta ci 150,000, a ribar 1,000 sai kin samu ƙarin kai 150 kafin ta maido kuɗinta, ƙari fa, ba waɗanda kike da su dama ba. Ba za ta biya ba sai in har mata suna juyawa saboda layi. Kada kuma a ce miki ƙaramin sola zai magance fetur, kayan zafi suna jan wuta sosai, ki duba watt ɗin da ke rubuce a jikin drayar kafin ki yarda. Kujera da madubi sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai kujera ba ta kitso, in ba ki da ƙarin mai hannu mai kyau da za ta zauna to zaman banza za ta yi. Wajen lalle da tabarma ko kafet da fanka mai caji shi ne zai fi saurin maido kuɗi a wannan lissafin, matsalarsa ɗaya yana da lokaci, jajiberin sallah da lokacin bukukuwa ba wajen zama, wani watan kuma shiru. Saboda haka ki duba wata 3 zuwa 6, har da watan da ba biki.

Da ni ce zan sa kuɗin a lalle, amma ba zan daina wankin kai ba, don da yawa masu kitson sai an wanke musu suke zama. Farashinsa zan taɓa. Ƙarin 500 a kai 50 ya ba da 25,000, ribar wankin ta tashi daga 50,000 zuwa 75,000 ba ki sayi komai ba, sai ki sa ido a watan gaba ki ga ko yawan masu zuwa ya ragu.