Imamanci a wajen 'yan Shi'a Isna Ashariyya da halifanci a wajen Ahlus Sunna: ina suka rabu?

"Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a nan Gombe. Wani abokina ya ce duk saɓanin Shi'a da Sunna a kan shugabanci bai wuce wa ya kamata ya gaji Annabi (SAW) ba, Sayyidina Ali ko Sayyidina Abubakar. Haka ne? Kuma da wane littafi ya kamata in fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya kama reshe ya bar tushe. Tun kafin a zo kan wa zai hau kujerar, ɓangarorin biyu sun riga sun saɓa a kan mece ce ita kujerar, kuma wa yake da ikon ɗora mutum a kanta.

In faɗa maka tun farko, ni Ahlus Sunna ne, Bamalike, don ka san daga inda nake magana. A zauren wani dattijon malami a Jekadafari na fara jin wannan mas'ala, Allah ya jiƙansa. Muna karatun Risala bayan sallar asuba, muka zo wurin da aka jero halifofi huɗu, Abubakar, Umar, Usman, Ali, sai na tambaye shi ko Allah ne ya ambaci sunayensu ya ce su za su yi mulki. Ya rufe littafin, ya ce in saurara. Ya ba ni labarin Saƙifar Banu Sa'ida a shekara ta 11 bayan hijira, yadda Muhajirai da Ansar suka yi ta musayar magana har aka yi wa Abubakar mubaya'a. Sannan ya karanto min ma'anar huɗubarsa ta farko: an ɗora ni a kanku alhali ba ni ne mafificinku ba, in na kyautata ku taimake ni, in na karkace ku miƙar da ni, ku yi min biyayya muddin ina yi wa Allah da Manzonsa biyayya. Malam ya ce, "Ka ji ko? Shugaban da ya ce a miƙar da shi ya yarda yana iya karkacewa." Har yau ban sami maganar da ta fi wannan taƙaita ra'ayin Ahlus Sunna ba, kuma ba na tuna ta ban yi masa addu'a ba.

To, a wajenmu naɗa shugaba wajibi ne a kan al'umma, farilla ce ta kifaya, wato in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura. Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, ya ce aikin shugaban shi ne maye gurbin annabci wajen tsare addini da tafiyar da al'amuran duniya. Ya kawo hanyoyi biyu na naɗi: zaɓen masu ƙullawa da kwancewa, wato manyan malamai da shugabannin jama'a, ko kuma wasiyyar shugaban da ya gabata. Ka duba tarihi ka ga yadda hanyar ta riƙa sauyawa. Abubakar ta mubaya'a ya hau, Umar kuma Abubakar ne ya yi wasiyya da shi, shi kuma Umar ya bar wa mutum shida su zaɓi ɗaya a cikinsu, aka zaɓi Usman. Wannan sauyawar da kanta shaida ce cewa sun ɗauki abin a matsayin ijtihadi. Halifa ba ya zuwa da hukunci daga kansa, ba shi da ilimin da aka ɓoye wa sauran malamai, kuma in ya yi umarni da saɓon Allah ba a bin sa a wannan.

Isna Ashariyya kuwa, wato masu imamai goma sha biyu, waɗanda ake kuma kira Imamiyya ko Ja'afariyya, kuma su ne mafi yawa a cikin 'yan Shi'a, sun sa imamanci a cikin tushen aƙida, tare da tauhidi, adalcin Allah, annabci da tashin alƙiyama. Abu uku suka ɗora shi a kai. Na farko nassi: Allah ne yake zaɓen imami, Annabi ya sanar, kowane imami kuma ya ambaci na bayansa, jama'a ba su da ta cewa a ciki kamar yadda ba su da ta cewa wajen zaɓen annabi. Na biyu isma: imami ma'asumi ne, ba ya saɓo, ba ya kuskure wajen bayanin addini. Na uku ilimi: shi ne mafi sanin mutanen zamaninsa, ya gaji ilimin Annabi, don haka maganarsa hujja ce a shari'a. Ba sa cewa annabi ne, ba sa cewa ya zo da sabuwar shari'a. Hujjarsu ta hankali ita ce luɗufi, wato tausayin Allah ga bayinsa: tunda Allah ya ɗora wa bayi shari'a, to luɗufinsa ba zai bar su babu jagoran da ba ya kuskure ba, domin in jagoran yana kuskure, shi ma zai buƙaci wani ya gyara shi, haka har ba iyaka. Ban gamsu da ita ba, amma a cikin tsarinsu magana ce mai kan gado, ba soki-burutsu ba ce.

Abin da zai nuna maka zurfin bambancin shi ne wannan. A cikin imamansu goma sha biyu, Sayyidina Ali ne kaɗai da ɗansa Hasan suka riƙe mulki, shi ma Hasan watanni kimanin shida ya yi kafin ya sauka ya bar wa Mu'awiya a shekara ta 41. A lissafin Ahlus Sunna, ranar da ya sauka halifancinsa ya ƙare. A lissafin Imamiyya bai daina zama imami ba har ya rasu, domin ba mutane suka ba shi ba balle sarauta ta tafi da shi. Haka Ja'afarus Sadiƙ, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 148, bai taɓa mulkar ko da ƙauye ɗaya ba, amma shi ne imami na shida a wajensu. Mu kuma muna ganin sa babban malami ne mai girma daga gidan Annabi, Imamu Malik ma ya ruwaito hadisi daga gare shi a Muwaɗɗa, sai dai ba ma cewa ma'asumi ne. A nan ma ka lura da kalmar kanta. In mun ce Imamu Malik muna nufin jagora a ilimi, in mun ce liman muna nufin mai jan salla. Su in sun ce Imami da wannan ma'ana, mutum goma sha biyu kawai suke nufi.

Ɗauki Gadir Khum ka ga yadda nassi ɗaya yake rabuwa biyu. A kan hanyar komawa Madina daga hajjin bankwana, shekara ta 10, ranar 18 ga Zulhajji kamar yadda aka fi ambata, Annabi (SAW) ya tsaya ya kama hannun Ali ya ce wanda na kasance maulansa, to Ali maulansa ne. Hadisin yana cikin Musnad na Imamu Ahmad da Tirmizi, saboda haka kada wani ya ce maka ƙirƙirar Shi'a ce. Rigimar tana kan kalmar maula. 'Yan Shi'a sun ce ma'anarta shugaba majiɓincin al'amari, suka kafa hujja da tambayar da ta zo kafin nan, inda Annabi ya ce ashe ban fi cancanta da muminai ba fiye da kansu. Malaman Sunna suka ce ma'anarta masoyi kuma mataimaki, suka kafa hujja da addu'ar da ta biyo baya, ta Allah ya so wanda ya so shi ya ƙi wanda ya ƙi shi, da kuma ƙorafin da wasu da suka je Yaman tare da Ali suka kawo a kansa. Suka ƙara da cewa da naɗi ne a fili gaban dubban sahabbai, da ba a yi muhawarar Saƙifa ba bayan wata uku bai cika ba. Daga nan ne saɓani a kan matsayin sahabbai ya samo asali, domin wanda ya yarda an yi nassi dole ya bayyana dalilin da ya sa aka bar shi.

Sai maganar fakuwa. Imami na goma sha ɗaya, Hasanul Askari, ya rasu a Samarra a shekara ta 260. Imamiyya sun ce ya bar ɗa, Muhammad, shi ne Mahdi, ya faku, ana saduwa da shi ta hannun wakilai huɗu ɗaya bayan ɗaya har zuwa shekara ta 329, daga nan aka shiga babbar fakuwa wadda a wajensu ake ciki har yau. Shi ya sa malamansu masu ijtihadi suka zama makoma, kowane mabiyi yana da marja'i, wato babban malamin da yake yi wa taƙlidi. Wilayatul Faƙih, wato malami ya riƙe mulkin ƙasa a madadin imami, Khumaini ne ya faɗaɗa ta a darussansa na Najaf a 1970, ta shiga tsarin mulkin Iran a 1979, kuma akwai manyan malamansu, irin su Khu'i, da ba su kai ikon malami har can ba. Mu ma mun yarda da zuwan Mahdi daga zuriyar Annabi, sai dai ba mu ce an haife shi yana ɓoye ba.

Misalin gida ya fi saurin shiga kai. A Gudu, a 1804, jama'a suka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a matsayin Amirul Muminina, shi kuma ya ba da tutoci, Yakubu ya kafa Bauchi, Buba Yero ya kafa Gombe. Wannan tsantsar tsarin Ahlus Sunna ne: jama'a suka ga buƙata, suka zaɓi malamin da suka amince da iliminsa da adalcinsa. Shehu bai ce shi ma'asumi ba ne, har ma da ake raɗe-raɗin ko shi ne Mahdi ya fito ya musanta. A ma'aunin Imamiyya, irin wannan mubaya'a, komai nagartar wanda aka yi wa, ba ta mai da shi Imami.

Game da littafi, bari in ja kunnenka, don ni na taɓa ƙonewa. Na sayi wani ɗan littafin raddi a bakin tasha, mai bango ja, babu sunan maɗaba'a, cike da "littafinsu ya ce" amma ba juzu'i ba shafi. Na ɗauki magana ɗaya daga ciki na kai wa wani maƙwabcina ɗan Shi'a, ya ɗauko asalin littafin ya buɗe, sai ga shi an yanke rabin jimlar. Na ji nauyin abin ƙwarai, domin na ɗora wa mutane abin da ba su faɗa ba. Irin waɗannan 'yan littattafai da guntayen bidiyo suna nan ta kowane ɓangare, akwai masu jingina wa Bukhari abin da babu shi a ciki, akwai masu tsinto ruwaya daga Al-Kafi, babban littafin hadisi na 'yan Shi'a, su ce ita ce aƙidar kowane ɗan Shi'a, alhali malamansu da kansu ba su ce duk abin da ke cikinsa ingantacce ne ba. Duk wanda ba ya ba ka juzu'i da shafi, ajiye masa kayansa.

Ka fara da babin farko na Al-Ahkamus Sulɗaniyya na Al-Mawardi, gaban malami, ba kai kaɗai ba. In ka ƙare, ka nemi Aƙa'idul Imamiyya na Muzaffar, ƙaramin littafi ne, ka karanta babin imamanci ka ji daga bakin masu abin. Littattafan raddi ka bar su sai ka gama waɗannan biyun.