Wace manhaja za ka ɗauka don gano abin da dabba ta ci daga aisotof?

Duk bayan 'yan watanni sai wani ɗalibi ya zo mini da sakamakon awo daga ɗakin gwaji, ya ce, "Malam, wace manhaja zan saka wa waɗannan alƙaluma?" Amsata ba ta canza ba, MixSIAR nake cewa. Amma tunda tambayar ta yawaita, bari in shimfiɗa dalilina, da misalin shanun da muke gani a kewayen Kaduna.

Aikin da dukkan manhajojin nan suke yi ɗaya ne. Ciyawa irin gamba, da karan dawa, gero da masara, suna rukunin C4, ma'aunin aisotof na kabon ɗinsu, wanda ake kira δ13C kuma ake ƙirgawa bisa dubu, yana zama wajen -12.5‰. Harawar wake, harawar gyada, 'ya'yan gawo da ganyen itatuwa suna rukunin C3, wajen -27‰. Idan ka yanki gashin wutsiyar saniya ka auna δ13C, zai faɗo wani wuri tsakanin biyun, manhaja kuma ta lissafa kason kowanne. Sai dai gashi ba ya kwafar abinci daidai wa daida. Jiki yana tace aisotof kafin ya gina gashi, don haka akwai rata tsakanin abin da aka ci da abin da ka auna. Wannan ratar ita ce ma'aunin da nake gwada kowace manhaja da shi: shin tana tilasta maka ka faɗi ratar da ka ɗauka, ko tana barin ka ka wuce shiru?

IsoSource ta 2003 ta yi zamaninta, amma ba ta da gurbin shakku a kan ratar, kai ne za ka gyara alƙalumanka da hannu kafin ka shigar. MixSIR da SIAR kuwa an daina reno, magadansu sun karɓe su. FRUITS ta fi dacewa da masu tonon ƙasusuwan mutanen da. Wadda ta isa a tsaya a kanta ita ce simmr: ba ta da nauyi, cikin yini guda ɗalibi zai iya ta. Aibinta a wurina shi ne `correction_means`, wato gurbin da ake shigar da ratar, ba dole ba ne. In ka manta da shi, sai ta ɗauki ratar sifili ce ta ba ka zane mai kyau, ba ko tari.

MixSIAR, wadda aka wallafa bayaninta a 2018, ba ta tafiya sai ka miƙa mata fayil ɗin ratar, kowane abinci da layinsa:

```
source,Meand13C,SDd13C
C4,3.2,0.5
C3,3.2,0.5
```

```
discr <- load_discr_data(filename="discr.csv", mix)
```

Kana iya cika shi da sifili, gaskiya ne, amma da hannunka ka rubuta, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai gani. Bayan wannan, tana ba ka damar gaya mata cewa shanu goma na garke ɗaya ba shaidu goma ba ne masu zaman kansu, tunda makiyayi ɗaya ke kora su. Sai ka saka garke a matsayin `random` ka saka rani da damina a `fixed`. Kuɗinta shi ne haƙuri. Sai ka girka R da JAGS, manhajojin da take aiki a kansu, kuma gudun `long` yana iya cin sa'o'i, abin da mai zama a Rigasa ko Kawo zai yi wa tanadin caji. Fara da `test` don ka ga komai ya zauna, amma kada ka ba da rahoto da shi. Duba ma'aunin Gelman-Rubin, mai nuna ko lissafin ya daidaita, in ya haura 1.05 ka ƙara tsawon gudu.

Ga abin da ya ƙona ni. Na taɓa tara gashin wutsiya a ƙarshen rani, a ruga-ruga ta hanyar Kachia, na ba wani mai "taimaka wa ɗalibai da lissafi" saboda lokaci ya ƙure mini. Matsakaicin gashin ya kama -13.0‰. Ya dawo mini da cewa harawa da ganyen itace kashi 6 ne kacal cikin ɗari na abincin shanun. Ni kuwa da idona na ga yara suna sassaro rassa, na ga damman harawa a kan rumfa. Da na matsa ya nuna mini fayil, sai ga 0.4 a gurbin kabon.

Ba ƙirƙirar lambar ya yi ba. Ta fito ne daga nazarin Post na 2002, wanda ya ba da 0.4‰ na kabon da 3.4‰ na naitirojin, matsakaici ne daga halittu iri-iri, galibi na ruwa. Ba a yi ta don gashin saniya ba. Gwajin ciyarwa da Sponheimer da abokan aikinsa suka wallafa a 2003, a kan shanu, awaki da wasu masu cin ciyawa, ya sami wajen 3.2‰ tsakanin abinci da gashi.

Ɗauki biro mu yi. Tazarar C3 da C4 ita ce 14.5. In ka cire 0.4 daga -13.0, abincin ya zama -13.4, wato 0.9 ƙasa da C4, ka raba da 14.5 ka sami kashi 6. In ka cire 3.2, abincin ya zama -16.2, wato 3.7 ƙasa da C4, kashi 26 ke nan. Gashi ɗaya, awo ɗaya, amma labari ya tashi daga "ba sa taɓa harawa" ya koma "rubu'in abincinsu ne". Kowane 1‰ da ka kuskure a ratar yana ja da sakamako wajen kashi 7. Kuma babu manhajar da za ta yi maka ƙorafi, muddin gashin ya faɗo tsakanin abincin biyu. Da farin ɓawon haƙori ne ma, ratar ta kai wajen 14‰, sai a kula da wane sashen jiki aka auna.

Saboda haka a rahotona yanzu nakan rubuta ƙarara: ratar 3.2‰ ce, daga gwajin ciyarwa aka samo ta, a gashi aka auna, ba a kan bunajinmu ba, kuma 0.5 ɗin da ke gefenta zaɓina ne. Sannan in sake gudu da 2.2 da 4.2, in nuna cewa kason yana yawo tsakanin 19 da 32. In hukuncina ya tsaya a duk ukun, na kwana lafiya. Akwai SIDER mai ƙiyasta ratar daga dangantakar jinsi, ga tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, amma ƙiyasi ne, a rubuta shi da sunansa.

Yanzu ga 'yan damfara. Duk wanda ya yi maka lissafi ya ƙi ba ka `discr.csv` da rubutun R ɗinsa, karɓi kuɗinka. Duk wanda ya jera maka abinci takwas da aisotof biyu ya fito da kaso tsaf-tsaf, ka duba da kyau, sau da yawa kowanne yana kusa da ɗaya bisa takwas ne, wato zaton farko na manhajar ne ta maido maka, ba shanunka ba. Gero, dawa da masara kabon ba ya rarrabe su sosai, a haɗe su rukuni ɗaya. Nemi zanen `plot_data` kafin komai, in ɗigon dabbobi ya fita daga da'irar abincin, ko ratar ba daidai ba ce ko akwai abincin da ba ka tara ba, kamar dusa ko ƙulin auduga da ake ba shanun kiwon gida.

Dillalan awo ma sai an sa ido. Akwai masu karɓar samfuri su ce za su aika waje, bayan wata biyu su turo maka jadawali babu sunan na'ura. Tambayi ma'aunan da aka gwada tare da samfurinka, irin su USGS40, ka tabbata an ba da kabon bisa VPDB, ma'aunin kabon na duniya. Ni nakan raba gashin saniya ɗaya gida biyu, in wanke su tare, in ba su lambobi daban ba tare da na faɗa wa kowa ba. In suka dawo da bambancin da ya kai 1‰, ba na shigar da ko layi ɗaya na jadawalin nan cikin MixSIAR.