Ka bar ta tana sabunta kanta, ka tsara mata lokaci kawai

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan ofishin aika kaya a nan Jidda, kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da sunayen masu kaya da hotunan fasfo ɗinsu. Kullum sai ta dame ni da maganar sabuntawa ina tsakiyar aiki. In bar ta tana yi da kanta, ko in kashe in riƙa yi da hannu idan na samu sarari?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka bar ta tana yi da kanta. Ni da nake wannan magana na ɗanɗana duka biyun a shagona na buga takardu a Sharar Mansur, nan Makka.

Laftof ɗin da nake aiki da ita yanzu sabuwa na saye ta, da Windows 11 a kai, kuma tun ranar da yarona ya saita mata lokacin aiki ba ta taɓa katse mini bugun takarda ba. Microsoft na fitar da gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, yana isowa nan da misalin ƙarfe takwas ko tara na dare. Washegari idan na zo rufe shago sai in ga ɗan ɗigon nan a jikin maɓallin kashewa, in zaɓi Update and shut down, in ja ƙofa in tafi Harami. Da safe in tarar da ita tsaf, kamar an yi mata wanka. Ko a goman ƙarshe na azumi, lokacin da mutum ba ya samun sararin sosa kai, haka take yi ba tare da na tuna da ita ba.

Abin da ke damunka yana da magani. Ka shiga Settings, sai Windows Update, sai Advanced options, ka nemi Active hours. Ka sa sa'o'in da ofis yake buɗe, tana karɓar har awa 18, a cikinsu ba za ta kashe kanta ta sake tashi ba. Amma ka kula, gyaran da aka sauke bai gama zama ba sai kwamfuta ta sake tashi. Wanda yake rufe murfin laftof kawai ya tafi gida, sati biyu bai kashe ta ba, ƙofarsa a buɗe take ko da ya ga an rubuta an sauke. Haka Chrome yake, yana sauke nasa shi kaɗai, amma sai ka rufe shi ka sake buɗewa.

Yi da hannu kuwa, to, yana da ranarsa: idan kana da wata tsohuwar manhajar lissafi da kake tsoron ta rikice ana tsakiyar lodin kayan alhazai, ka danna Pause updates na sati ɗaya, ba fiye ba. Iyakar abin da zan iya faɗa masa na alheri ke nan.

Ga dalilina. Kafin wannan akwai wata da na saya ta hannu, har yau ina da-na-sanin kuɗin da na ba da. Mai sayarwar ya cika ta da manhajoji, har da WinRAR, wadda ake buɗe fayilolin da aka ɗaure wuri guda da ita. Ita WinRAR ba ta sabunta kanta, sai ka je ka sauke sabuwa. A watan Agusta na 2023 masu ita suka fitar da 6.23 don toshe wata ɓaraka da ɓarayi suka riga suka fara amfani da ita. Na ji labarin a bakin wani abokina, na ce sai an samu sarari. Wata uku bayan haka, ana tsakiyar lokacin Umara, aka turo mini imel da sunan wani wakili, wai ga fasfo ɗin mutanensa a buga. Na buɗe ƙunshin, na danna fayil ɗin PDF da na gani a ciki. Wani baƙin allo ya ƙyafta ya ɓace, takardar kuma ta buɗe kamar ba komai. Bayan kwana biyu mutane suka fara kirana, wai na turo musu saƙo ina neman rancen Riyal ɗari biyar. An kwashe kalmomin sirrin da na adana a kwamfutar, an shiga imel ɗina.

Yaron da ya duba mini ita ya nuna mini abin da idona. A cikin ƙunshin akwai fayil ɗin, kusa da shi kuma akwai folda mai suna iri ɗaya da shi sak, a cikinta an ɓoye wani ɗan fayil mai ƙarewa da .cmd. Tsohuwar WinRAR idan ka danna takardar, sai ta kunna abin da ke cikin foldar. Ban sauke wani abin banza ba, ban ba kowa lambar sirri ba, takarda kawai na buɗe kamar yadda nake yi sau hamsin a rana. Kwana uku shagon yana rufe ana goge kwamfutar, ni kuma ina bin mutanen da fasfo ɗinsu ke ciki ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri. Wannan kunyar ta fi asarar kuɗin ciwo.

Abin da ba a cika ganewa ba shi ne, ranar da aka fitar da gyara, ranar ce aka yi shelar inda katangar ta tsage. Ɓarayi na ɗaukar sabuwar manhaja su gwada da tsohuwa, su gane abin da aka toshe, sai su bazama neman waɗanda ba su toshe ba. Dubi abin da jinkiri ya jawo a harin WannaCry: Microsoft ta fitar da gyara ranar 14 ga Maris 2017, harin ya zo 12 ga Mayu, ya kulle kwamfutoci har a asibitocin Birtaniya ana neman fansar Dala 300. Kusan wata biyu maganin yana ajiye.

Saboda irin su WinRAR da Windows Update ba ya taɓawa, duk farkon wata ka buɗe Terminal, wato allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta:

```
winget upgrade
winget upgrade --all
```

Layin farko zai jero maka manhajojin da suka tsufa, na biyu ya sabunta su. Ba duka yake ganowa ba, amma yana kama mafi yawa.

Sai wata magana da ba ka tambaya ba. Ka yi hattara da masu sayar da kwamfuta ta hannu da ke cewa "mun kashe maka sabuntawa don kada ta dame ka". Sau da yawa Windows ɗin sata suka ɗora, suna tsoron asirinsu ya tonu. Kafin ka miƙa kuɗi, ko ma a wadda take gabanka yanzu, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta:

```
slmgr /xpr
```

Idan ta ce permanently activated, da sauƙi, ko da yake wasu masu wayon suna iya sa ta faɗi haka. Idan ta nuna ranar da lasisin zai ƙare, alhali ba kwamfutar wani kamfani ba ce, ka ajiye musu kayansu. Ka kuma leƙa Windows Update a gaban mai shagon, ka danna Check for updates ka ga ko tana motsi. Wanda kuma ya miƙo maka mai Windows 10 yana rantsuwa sabuwa ce fil, ka sani an daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi.

Yau kafin ka tashi daga ofis ka saita Active hours, ka kwafe fayilolin masu kaya a wani faifai na daban da za ka cire ka sa a aljihun tebur, sannan ka bar ta ta sauke duk abin da ya taru. Zai iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye idan an daɗe ba a yi ba, kada ka zare mata wuta tana tsakiyar yi.