Gargaɗi kan 'yan wash-wash: baƙar takarda ba ta komawa dala

Jama'a, a yi hattara da duk baƙon da zai nuna muku baƙaƙen takardu ya ce daloli ne, wanki kawai suke jira. Na rubuto wannan ne saboda abin da ya faru da wani maƙwabcina, ɗan kasuwar hatsi, mutumin da ko mudu ɗaya ba ka isa ka cuce shi ba a ciniki. Amma naira miliyan uku suka ci masa cikin sati biyu.

A wurin cinikin masara suka haɗu da mutumin. Ya saya, ya biya lakadan, ya sake dawowa ya saya, sai a zuwa na uku ya ja shi gefe. "Alhaji, na ga kai mutum ne mai riƙon amana, shi ya sa zan buɗe maka cikina." Wai akwai akwati na dala miliyan ɗaya, kuɗin agaji ne da aka shafa wa baƙin fenti don kada a gane su a hanya, kuma maganin wankewar ya ƙare.

Ya kai shi ɗakin wani otal. Ya buɗe akwati, ga ɗauri-ɗauri na baƙar takarda daidai girman dala, an barbaɗe su da farar hoda. Ya zaro guda biyu, ya sa a faranti, ya zuba wani ruwa daga 'yar ƙaramar kwalba. Kafin ka ce kwabo baƙin ya salluɓe, ga dala ɗari-ɗari fes. Ya miƙa masa ya ce ya je ya gwada. Maƙwabcina ya nufi Wapa, 'yan canji suka duba, suka canza masa ba gardama.

To nan ne gadar zaren take. Waɗancan biyun dama kuɗin gaske ne. Gam ake fara shafa musu, sannan aidin, irin wanda ake sa wa ciwo, su yi baƙi ƙirin in sun bushe. Ruwan da suke yi wa laƙabi da SSD, su ce daga ƙasar waje ake kawo shi, yawanci ƙwayar bitamin C ce aka narka, ita kuwa tana kashe launin aidin nan take. Ragowar abin da ke akwatin takarda ce baƙa tun daga kamfani, aka yanka da ma'auni. Ita ko shekara za ta yi a jiƙe ba ta sauya kama.

Washegari aka ce kwalbar magani miliyan ɗaya da rabi ce. Ya biya. Suka bar masa akwatin a gidansa a matsayin jingina, shi kuma hankalinsa ya kwanta, tunda a ganinsa shi ke riƙe da dukiyar. Bayan kwana uku aka ce kwalbar ta fashe a hanya. Ya sake biya. Da aka zo da zancen cewa an riƙe sabuwar a kwastan sai an ba da na goro, sannan ya faɗa wa ƙaninsa. Ƙanin bai yi wata doguwar magana ba, ya zaro takarda ɗaya daga tsakiyar ɗauri ya yaga. Ciki da waje baƙi ne. Kuɗin da aka shafa wa fenti kuwa, in ka yaga za ka ga haske a bakin yagar.

Ku lura, ba sa taɓa bari kai ka zaɓi wadda za a wanke. In ma sun bari, da saurin hannu ake musanya ta. Kuma kullum akwai sharaɗin kada ka buɗe akwati, wai iska za ta lalata kuɗin, kada kuma ka faɗa wa kowa, har matarka. Irin wannan sharaɗin ne masu "ninka kuɗi" da sunan aljanu suke gindayawa, su ce kada a buɗe ƙwarya sai bayan kwana bakwai, lokacin sun yi nisa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maƙwabcin nawa ya ƙi kai ƙara. Kunya ta hana shi, ga tsoron kada a ce shi ma da hannunsa a harkar kuɗin haram, kuma da wannan tsoron 'yan damfarar suke cin kasuwarsu. Alhali dokar yaƙi da damfara ta 2006 a Najeriya ta ambaci wannan laifin ƙarara a sashe na 2: wanda ya ce zai iya mai da takarda kuɗi ta hanyar wanki ko tsomawa a sinadari, ko ya ce zai ninka kuɗi da tsafi, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ne, babu zaɓin tara. Duk wanda aka damfara ya je wurin 'yan sanda ko EFCC da akwatin, da lambobin wayar da aka kira shi da su, da shaidar asusun da ya tura kuɗin, tun kafin a kwashe su.

Na maƙwabcina dai akwatin na nan a ƙarƙashin gado, lambar mutumin kuma tun ranar ba ta shiga.