Katin jimloli ko katin mahaɗi: wanne ya fi amfani a jarrabawar baka?

Ɗaliban unguwar Nima da ke shirin jarrabawar Faransanci ta DELF a Alliance Française ta Accra sukan rabu gida biyu wajen rubuta katin atisayen magana.

Wasu kan cika katin da jimloli kan jigo guda, a ce sufuri: cunkoson motoci, kuɗin trotro, tafiya makaranta. Amfaninsa yana nan, domin kalmomin na zama a baki. Sai dai in mai jarrabawa ya karkata tambayar, ya ce me ya sa mutane suka fi son okada, jimlar da aka haddace ba ta da wurin shiga. Nan take ake gane hadda: murya ta miƙe da sauri, sai kuma shiru.

Katin mahaɗi kuwa kalmomi kaɗan ne: d'abord na farawa, parce que na kawo dalili, par contre na juya zance. Ko ina tambaya ta nufa suna aiki, amma in babu abin faɗa ba za su cece ka ba.

Ni na fi son na biyun, da kalmomin jigo biyar a bayan katin. A DELF ba a shiga ɗaki da katin gida, don haka a riƙa kife shi tun wajen atisaye.